Osimhen bai rasa masu so ba, takarda da agogo ne suka tsare shi

Jama'a, ku yi haƙuri, rubutun yau yana da tsawo. Ƙanena ne ya jawo shi. Bai daɗe da fara bin ƙwallon Turai ba, kuma kwanan baya muna zaune bayan sallar isha'i ya yi mini tambayar da na san mutane da yawa suna da ita amma kunya ta hana su yi a gidan kallo. Ya ce, "Yaya, wai ta yaya Victor Osimhen, wanda ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 2023, ya ƙare a matsayin ɗan aro a Turkiyya ko shekara ba a yi ba? Ba shi da masu so ne, ko kuwa kwaɗayin kuɗi ne kamar yadda ake faɗa?"

Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji wannan magana ta kwaɗayi, domin yawancin masu yin ta ba su san yadda cinikin yake tafiya ba. Labarin Osimhen kuwa ya tattara abubuwa ukun da sabon mai bin harkar yake buƙatar ya gane: lokacin da kasuwar musayar 'yan wasa take buɗewa da rufewa, aron ɗan wasa, da kuma sharaɗin nan na fansar kwantiragi. Bari in bi shi daki-daki kamar yadda na yi wa ƙanena.

Da farko sai a gane abin da ake saya. Idan an ce Napoli ta Italiya ta sayi Osimhen daga Lille ta Faransa a 2020 a kan yuro miliyan 70, ba mutum aka saya ba. Osimhen yana da kwantiragi da Lille wanda bai ƙare ba, kuma rajistarsa ta buga wasa tana hannunta. Kuɗin da Napoli ta biya diyya ce don Lille ta yarda a warware wannan kwantiragi, ta saki rajistar. Bayan haka sai Napoli ta zauna da ɗan wasan da wakilinsa su yi nasu cinikin na albashi da yawan shekaru. Wato kowane ciniki biyu ne a haɗe: ƙungiya da ƙungiya, sannan ƙungiya da ɗan wasa. Idan ɗaya ya lalace, duka sun lalace. Ku riƙe wannan, domin shi ne ya faru da Osimhen har sau biyu a rana ɗaya.

Ita wannan rajista ba kullum ake yin ta ba. Dokar FIFA ta ba kowace ƙasa lokuta biyu a shekara, babba bayan an gama kaka, ƙarami a tsakiyar kaka, kuma jimillarsu ba ta wuce mako 16. A manyan ƙasashen Turai babban yana kamawa daga Yuni ko Yuli zuwa ƙarshen Agusta ko ranakun farko na Satumba, ƙaramin kuma a Janairu. Kamar kasuwar ƙauye ce mai ci ranar da aka sani: ana iya yin taɗi da tayi a kowace rana, har a yi alkawari, amma kaya ba sa canza hannu sai ranar kasuwa. Idan aka rufe, ɗan wasa ko ya sa hannu a takarda ba zai taka leda ba, saboda hukumar ƙwallon ƙasar ba za ta yi masa rajista ba. Wanda yake da sauƙi a nan shi ne ɗan wasan da ba shi da kwantiragi da kowa tun kafin a rufe, domin dokar ta bar masa ƙofa.

Kuma agogon ba ya wasa. A ranar 31 ga Agusta 2015 Manchester United da Real Madrid sun daidaita a kan David de Gea, amma takardu ba su isa a kan lokaci ba, cinikin ya rushe, ya ci gaba da zama a Manchester har shekara 8 bayan nan. Mu 'yan Najeriya ma muna da namu: a ranar ƙarshe ta Janairun 2013 Peter Odemwingie ya tuƙa motarsa har ƙofar filin QPR a London yana zaton an gama magana, alhali West Brom ba ta sa hannu ba. Ba a bar shi ya shiga ba. Ya daidaita da sabuwar ƙungiya a zuciyarsa, amma mai riƙe da rajistarsa bai saki ba.

Akwai wani abu ɗaya game da kasuwar nan da mutane suke yawan ruɗewa a kai: agogon ƙasar mai saye ne yake aiki, ba na mai sayarwa ba. Idan kasuwar Italiya ta rufe, ƙungiyar Italiya ba za ta iya kawo sabon ɗan wasa ba, amma tana iya sakin nata ya tafi duk ƙasar da kasuwarta take buɗe. Wannan ƙa'idar ce ta ceci kakar Osimhen.

Yanzu mu koma baya kaɗan. A kakar 2022/23 Osimhen ya ci ƙwallo 26 a gasar Serie A, ya fi kowa, Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990. Kwantiraginsa zai ƙare a 2025. Duk mai ƙungiya yana tsoron wannan lokacin, domin tun hukuncin Bosman na 1995, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana tafiya kyauta, ko kwabo ba a biyan tsohuwar ƙungiyarsa, kuma idan saura wata 6 yana da ikon ya ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar. Saboda haka darajar ɗan wasa a kasuwa ba ƙafarsa kaɗai take bi ba, tana bin yawan shekarun da suka rage a takardarsa. Mai shekara 4 yana da tsada, mai shekara 1 kuwa kamar tumatir ne da yamma, mai shi ya san in bai sayar ba asara ce.

Don haka a Disambar 2023 Napoli ta sabunta kwantiraginsa zuwa 2026. Ta ƙara masa albashi sosai, rahotanni sun ce ya kai kusan yuro miliyan 10 a shekara bayan an cire haraji, sannan aka saka sharaɗin fansa wanda aka ruwaito tsakanin yuro miliyan 120 zuwa 130.

Mene ne wannan sharaɗi? Layi ne a cikin kwantiragi da yake cewa: duk wanda ya ajiye kaza, dole ƙungiya ta saki ɗan wasan, ba ta da ikon cewa a'a. Idan babu shi, mai ƙungiya yana iya ƙin sayarwa ko nawa aka taya. Idan akwai shi, an riga an yanke farashin ƙarshe tun ranar sa hannu. A Sifaniya abin ya samo asali daga wata dokar ƙwadago ta 1985 da ta ba ɗan wasa damar fansar kansa, shi ya sa kusan kowane kwantiragi a can yake ɗauke da adadi. A tsarinsu, a takarda ɗan wasan ne da kansa yake biya, ko da yake sabuwar ƙungiyar ce take ba shi kuɗin, kuma dunƙule ake ajiye su ba kashi-kashi ba. Haka Neymar ya bar Barcelona zuwa PSG a 2017 a kan yuro miliyan 222, Barcelona tana ji tana gani. Haka kuma Arsenal ta ɗauke Thomas Partey na Ghana a ranar ƙarshe ta kasuwa a Oktoban 2020: an kai yuro miliyan 50 ofishin La Liga, Atletico Madrid ba ta da ta cewa. A Italiya da Ingila kuwa ba dole ba ne, abu ne da ake ciniki a kai, kuma kalmomin da aka rubuta su ne komai. Liverpool ta ƙi tayin Arsenal na fam miliyan 40 da fam 1 a kan Luis Suarez a 2013, Arsenal tana zaton wuce miliyan 40 ya wajabta sayarwa, Liverpool ta ce sam ba haka layin yake nufi ba, kuma Suarez bai tafi ba. Wani sharaɗin yana aiki ne na 'yan makonni kawai a shekara, wani kuma ga ƙungiyoyin ƙasashen waje kaɗai.

Ga ra'ayina, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Ana sayar wa 'yan wasa wannan sharaɗi a matsayin ƙofar fita, amma ƙofa ce kawai idan akwai mai iya biyan adadin. Idan adadin ya wuce ƙarfin kasuwa, to kwaɗo ne aka datse da shi. A duniya ƙungiyoyin da za su iya ajiye yuro miliyan 120 a kan mutum ɗaya, sannan su biya shi albashin da ya saba karɓa, ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma yawancinsu suna ƙarƙashin dokokin da suke taƙaita kashe kuɗi gwargwadon kuɗin shiga. Ranar da Osimhen ya sa hannu, ɓangarorin biyu sun yi lissafi ne da farashin gwarzon da ya ci 26. Sai kakar ta zo da rauni da tafiya gasar kofin Afirka, ya ci 15 a gasar, Napoli ta ƙare ta 10 a teburi. Farashin kasuwa ya sauko, adadin da ke takarda yana nan inda yake.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, sharaɗin fansa ba ya hana ƙungiya sayarwa a ƙasa da shi. Rufi ne, ba dabe ba. Napoli tana da ikon karɓar miliyan 80 in ta ga dama. Matsalar ita ce shugaban da ya shelanta wa duniya cewa kayansa miliyan 120 ne yana jin nauyin saukowa, su kuma masu saye sun san yana da matsala, sai su naɗe hannu su jira ranar ƙarshe. Haka bazarar 2024 ta tafi. Antonio Conte ya zo a matsayin koci, yana son Romelu Lukaku, aka kawo masa shi daga Chelsea a ƙarshen Agusta. Napoli ta wayi gari da manyan 'yan gaba biyu da manyan albashi biyu, kowa kuma ya san dole ɗaya ya tafi.

Ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024 aka rufe kasuwa a Ingila da Italiya. A ranar, ƙungiyoyi biyu ne suke magana a kan Osimhen, kuma abin da manyan kafofin labarai suka ruwaito shi ne wannan. Al-Ahli ta Saudiyya ta daidaita da ɗan wasan a kan albashi, amma ita da Napoli suka saɓa a kan kuɗin saye, sai ta juya ta ɗauki Ivan Toney daga Brentford. Chelsea kuma tana da tsarin albashi mai ƙarancin tushe da yawan ladan ƙwazo, ba su daidaita da ɗan wasan ba har agogo ya buga. Kun ga cinikin nan biyu da na ambata da farko: a ɗaya ɓangaren ƙungiya da ƙungiya ne ya karye, a ɗayan ƙungiya da ɗan wasa. Napoli ta cire sunansa daga jerin 'yan wasan da za su buga mata Serie A. Ɗan shekara 25, a kan ganiyarsa, yana fuskantar zaman gida har Janairu.

Masu cewa kwaɗayi ne, ina so su yi wa kansu adalci. Mutum yana da takarda a hannu da ta ce za a biya shi kaza har 2026. Wani ya zo ya ce ka dawo wurina amma ka rage abin da kake karɓa. In ya ƙi, laifin me ya yi? Sana'ar nan gajera ce, rauni ɗaya a gwiwa yana iya rufe ta, kuma yaron da ya taso a Olusosun a Legas yana tallar ruwa a titi ya san yawan bakunan da suke ci daga ƙafarsa. Inda nake ganin kuskuren ɓangarensa shi ne tun a Disamba, da suka yarda da adadin da ya fi ƙarfin masu saye. Mai ba shi shawara ya kamata ya ce a rage albashi kaɗan a sauko da adadin fansa, domin wannan adadin shi ne hanyar fitarsa.

Kasuwar Turkiyya a shekarar ba ta rufe ba sai 13 ga Satumba. Nan Galatasaray ta shigo, kuma a ranar 4 ga Satumba aka sanar da cewa ta ɗauke shi aro na kaka ɗaya.

Aro yana nufin kwantiragin ɗan wasa da ƙungiyarsa ta asali yana nan da ransa, an dai miƙa rajistarsa ga wata ƙungiya na ɗan lokaci, in lokacin ya cika ya koma gida. Idan kun ji an yi aro, tambayoyi uku za ku yi. Shin an biya kuɗin aron? Wa yake biyan albashi, ko raba shi aka yi? Sannan me aka ce zai faru a ƙarshe? A na Osimhen, Galatasaray ta bayyana cewa ba ta biya Napoli kuɗin aro ba, kuma za ta ba ɗan wasan yuro miliyan 6. Dalilin da ake samun irin waɗannan alƙaluma a fili shi ne Galatasaray tana cikin kasuwar hannun jari ta Istanbul, dole ta sanar da jama'a abin da ta kashe. Ku duba yadda matsayin Napoli ya faɗi: daga neman sama da miliyan 100 zuwa bayar da shi ba tare da karɓar kuɗin aro ba, don dai a rage mata nauyin albashi kuma kayanta kada ya ruɓe a benci.

Tambaya ta uku ita ce mai nauyi, kuma Osimhen da kansa ya taɓa zama misalinta tun yana yaro. Bayan ya ci ƙwallo 10 a gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015, ya tafi Wolfsburg ta Jamus, inda bai ci ko ƙwallo ɗaya ba a wasannin gasa. A 2018 aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam tare da zaɓin saye, wato an yanke farashi tun farko, in Charleroi ta so ta biya a ƙarshen kaka, in ba ta so ba ta mayar da shi. Ya ci 20. Charleroi ta biya kuɗin da aka yanke, wanda aka ruwaito yuro miliyan 3.5 ne, kuma a bazarar nan ta 2019 ta sayar wa Lille shi da ninkin-ba-ninkin wannan kuɗi. Shekara ɗaya bayan haka Napoli ta biya miliyan 70. Zaɓin saye yana fifita mai karɓar aro ne, domin in yaro ya yi kyau ya same shi da araha, in bai yi ba babu ruwansa. Akasinsa shi ne wajabcin saye, inda dole a biya a ƙarshe, ko kai tsaye ko idan wani sharaɗi ya cika, kamar buga wasanni kaza ko ƙungiya ta tsira daga faɗuwa. Irin wannan a gaskiya saye ne aka ɗaga biyansa zuwa lissafin baɗi, kamar yadda PSG ta yi da Kylian Mbappe daga Monaco a 2017.

Akwai kuma aron da babu ɗaya daga cikin biyun, kuma mun gan shi a kan namu. Ahmed Musa ya koma Leicester daga CSKA Moscow a 2016, bai samu wurin bugawa sosai ba, a Janairun 2018 aka mayar da shi CSKA aro. Ya dawo cikin hayyacinsa, a gasar kofin duniya da aka yi a Rasha ya ci Iceland ƙwallo biyu, a Agusta Al-Nassr ta saye shi daga Leicester. Aron nan ya yi wa kowa rana: shi ya samu wasa kafin gasar duniya, Leicester ta samu mai saye. Amma ba kowane aro ne yake ƙarewa haka ba. Ƙungiyar da ta san yaro ba nata ba ne ba ta da dalilin yin haƙuri da shi in ya yi wasa biyu bai taka rawa ba, kuma an ga yaran da manyan ƙungiyoyi suka riƙa jefawa daga ƙasa zuwa ƙasa har ƙuruciyarsu ta ƙare ba su da gida. Wannan ya sa daga 2022 FIFA ta ɗaure abin: aro ba ya wuce shekara 1 a lokaci guda, wanda ya karɓi aro ba zai ba wani aro ba, kuma daga kakar 2024/25 ƙungiya ba za ta tura fiye da 'yan wasa 6 aro zuwa ƙasashen waje a lokaci ɗaya ba, ban da ƙananan yaran da ta rena da kanta.

Aron Osimhen na Galatasaray babu zaɓin saye a cikinsa, amma Napoli ba ta sake shi haka kawai ba. Kwantiraginsa zai ƙare a 2026, ke nan in ya dawo a bazarar 2025 saura shekara 1, tumatirin yamma ke nan. Saboda haka kafin ya hau jirgi aka yi yarjejeniyar da ta ba Napoli damar tsawaita shi zuwa 2027, shi kuma aka sauko masa da adadin fansa zuwa yuro miliyan 75 ga ƙungiyoyin da ba na Italiya ba. Kowa ya ba da wani abu ya karɓi wani. Wannan ita ce takardar da ya kamata a rubuta tun Disamba, da babu wanda ya sha wahalar Agusta.

Sauran kun sani. Ya ci ƙwallo 37 a dukkan gasa, Galatasaray ta ɗauki kofin lig da kofin ƙalubale na Turkiyya. Ita ma Napoli da Lukaku ta ɗauki Serie A. A bazarar 2025 adadin miliyan 75 ya zama abin da ake iya biya, nan ne kuma aka ga wani abu da sababbin masu bin harkar ba sa sani: biyan kuɗin fansa yana ɗaure ƙungiya ne, ba ya ɗaure ɗan wasa. An ruwaito cewa Al-Hilal ta shirya biya kuma ta yi masa tayin albashin da ya fi na ko'ina, ya ce a'a. Masu maganar kwaɗayi ba su cika tuna wannan ba. Karo na farko a duk wannan tafiya, zaɓin yana hannunsa, kuma ya zaɓi inda aka karɓe shi lokacin da ƙofofi suka rufe.

Duk da haka cinikin ya ɗauki makonni, saboda Galatasaray ba ta so ta ajiye kuɗin dunƙule. Da zarar mai saye ya nemi a yi masa kashi-kashi, to ya fita daga sharaɗin fansa ya koma ciniki na yau da kullum, mai sayarwa kuma ya samu bakin gindaya nasa sharuɗɗan, kamar neman lamuni daga banki a kan ragowar kuɗin. A ranar 31 ga Yuli 2025 aka sanar: yuro miliyan 75, mafi tsada a tarihin ƙwallon Turkiyya, kwantiragin shekara 4. Napoli kuma ta rataya wani layi a ƙarshe, cewa idan Galatasaray ta sayar da shi nan gaba, kashi 10 cikin 100 na ribar nata ne.

Ƙanena ya ce bai gane wannan layin ba, sai na ɗauki biro na rubuta masa a bayan kwalin shayi. A ce wata ƙungiya ta zo ta biya miliyan 100. Za a cire miliyan 75 da Galatasaray ta kashe, riba ta zama 25, Napoli ta karɓi miliyan 2.5. In kuwa an sayar da shi a kan 75 ko ƙasa da haka, Napoli ba ta da ko sisi. Ya kalli kwalin ya ce, "Ke nan har yanzu suna da hannu a cikin ƙafarsa?" Na ce suna da shi, har ranar da za a sake sayar da shi ko kwantiragin ya ƙare a 2029.